Awo shida a kaye, biyar a rahoto: yaushe ake fidda awon da ya fita zakka?

Wata ɗaliba da nake duba wa aikin kammala karatu a nan Maraɗi ta kawo mini rahotonta kan ruwan wani foraji da ke bayan gari. Abin da take nema shi ne yawan sinadarin fuliyor a ruwan, wanda wasu ke kira fuloraid. A tablonta akwai lambobi biyar, miligiram a kowace lita: 1.43, 1.38, 1.34, 1.40, 1.37. Matsakaicinsu 1.38. A ƙasa ta rubuta cewa ruwan bai kai iyakar 1.5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ba. Aiki tsaf, rubutu tsaf.

Na ce ta miƙo mini kayen da take rubutu a ciki lokacin awo, domin al'adata ce ba na karanta rahoto ba tare da shi ba. A shafin ranar, lambobi shida na gani. Ta farko 2.26 ce, an ja mata layi da jan bik.

"Ƴata, wannan fa ina ta shiga?"

"Malam, ai kuskure ce. Ka duba sauran, duk kansu ɗaya. Ita kaɗai ta yi sama."

"Wane kuskure aka yi?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ban sani ba, Malam. Amma ai da gani ka san ba daidai ba ce."

Yarinyar ba maƙaryaciya ba ce, kuma da niyyar ɓoyewa ta yi, da ba ta bar lambar a kaye ba. Mai yiwuwa ma gaskiyarta ce. Sai dai a dubi abin da wannan jan layi ɗaya ya aikata. In aka haɗa lambobin shida, jimillarsu 9.18, matsakaici 1.53, wato ruwan ya haura iyaka. In aka fidda ta farko, 1.38, ruwan yana ƙasa da iyaka. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a nan hukuncin ruwan da jama'a ke sha gaba ɗaya ya rataya a kan lamba guda. Wanda zai karanta rahoton kuwa ba shi da hanyar sanin cewa an taɓa samun ta shida.

Kafin lissafi, tambayar farko da nake yi ita ce: mene ne aka auna sau shida? Wannan tambaya ta fi kowace dabara ta ƙididdiga nauyi, ita ce kuma aka fi tsallakewa. In kwalba ɗaya ce aka ɗiba sau shida, to ruwan bai canja ba tsakanin ɗiba da ɗiba. Fuliyor narkewa yake yi ya gauraye da ruwan baki ɗaya, ba ya taruwa a gefe ɗaya na kwalba. Saboda haka gaskiya ɗaya ce ake nema, kuma duk bambancin da aka gani daga hannu ne, ko kayan aiki, ko na'ura. A nan akwai hujjar zargin 2.26.

In kuwa foraji shida ne dabam-dabam, kowanne awo ɗaya, magana ta juye. Babu dalilin da zai sa su zo ɗaya, tunda kowane rami da irin ƙasar da ya ratsa da zurfin da ya kai. A wannan hali 2.26 ita ce babban abin da binciken ya gano, ita ce ta cancanci shafin farko. Wanda ya share ta don ba ta yi kama da ƴan'uwanta ba, ya share foraji ɗaya tilo da ya kamata a je a duba. Mu a wannan yanki ba ma buƙatar a kawo mana misali daga nesa. Tibiri tana nan kusa da mu, inda ruwan famfo mai fuliyor da ya ninka iyaka sau uku ko fiye ya shayar da gari shekara da shekaru tun daga tsakiyar shekarun 1980, ɗaruruwan yara suka tashi da haƙora masu tabo da ƙasusuwan da suka lanƙwashe. In aka jera ruwan Tibiri na wancan lokaci da na garuruwan da ruwansu ke lafiya a tablo ɗaya, shi ne zai fita zakka. Duk lokacin da na ga ɗalibi ya ɗaga bik zai ja wa babbar lamba layi, waɗannan yara nake tunawa.

Na ɗalibata kwalba ɗaya ce. To, sai mataki na biyu, wato neman dalili a wajen lambar kanta. Girman lamba ba ya zama shaida a kan kansa. Shaida ita ce abin da za ka iya nuna wa wani: an juya alƙaluma wajen kwafa, wuta ta ɗauke ana tsakiyar awo, an manta da zuba wani ruwan magani, kofi ya kife. Muka zauna muka bi aikin daki-daki yadda ta yi shi.

Na'urar tana da wani ɗan sanda da ake tsomawa a ruwa, yana jin fuliyor. Kafin awo sai an koya mata da ruwan da aka riga aka san ƙarfinsa, a nan na miligiram 1 da na 10 a lita. Waɗannan kuma daga wata kwalba mai ƙarfi ake tsarma su, mai miligiram 1000 a lita. Ana zuƙo mililita 10 da bututun awo, a tsarma, a sake tsarmawa. Bayan nan sai a ɗibi mililita 10 na ruwan foraji, a haɗa da mililita 10 na ruwan daidaitawa, wato ruwan maganin da ke sa sandan ya ji fuliyor daidai, a kofin roba, a tsoma sandan, a jira lamba ta tsaya.

Na tambaye ta bututu nawa ta yi aiki da su. Ta ce biyu ne masu mililita 10 a kan teburin. Da wanne ta ɗibi ruwan foraji? Ba ta tuna ba. Ta ɗauraye shi kafin ɗibar farko? Tana jin ta ɗauraye, amma ba za ta rantse ba.

A nan lissafi ya taimaka. Tazarar da ke tsakanin 2.26 da 1.38 ita ce 0.88 a lita. A cikin mililita 10, wannan bai wuce miligiram 0.009 ba. Ruwan nan mai ƙarfi kuwa kowace mililita tasa tana ɗauke da miligiram 1. Wato abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ɗigo guda ba, irin laimar da ke maƙalewa a cikin bututu ido bai gan ta ba, ya isa ya ɗaga awon daga 1.38 zuwa 2.26. Ɗibar farko za ta wanke bututun, sauran su fito lafiya. Ga shi kuma a kaye 2.26 ita ce ta farko, wadda ta biyo bayanta ita ce mafi girma cikin biyar ɗin. Biri ya yi kama da mutum.

Amma kama ce kawai. Babu wanda ya ga bututun, babu inda aka rubuta. Da a ce a wannan rana, kafin ta ga sauran lambobi, ta rubuta a gefe cewa "na yi amfani da bututun ruwa mai ƙarfi ban ɗauraye ba", da magana ta ƙare: awon ya lalace tun kafin a san sakamakonsa, sai a fidda shi a faɗi dalili. Dalilin da aka rubuta kafin ganin sakamako ya fi wanda aka tuno bayan sati uku ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda zuciya gwana ce wajen samo wa abin da take so hujja. Shi ya sa nake matsa wa ɗalibai su rubuta lambobi bisa jerin da aka auna su, da lokaci, da duk wani abin da ya faru ko da suna ganin shirme ne. Da ta jera su daga ƙarami zuwa babba a kaye, da wannan alama ta bututu ta ɓace mana.

Mataki na uku shi ne mafi arha, kuma abin mamaki shi ne mutane suka fi ƙyuya a kansa: a sake awo. Sauran ruwan yana nan a kwalbar roba a rufe, kuma fuliyor ba ya saurin canjawa a irin wannan ajiya. Ta ɗauki bututu wankakke, ta sake koya wa na'ura, ta auna sau uku: 1.36, 1.39, 1.40. Muka tsai da adadin, sau uku, tun kafin ta fara. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin wanda ya ce zai yi ta aunawa har sai abin ya yi masa daidai, ya riga ya zaɓi amsa, na'ura kawai yake jira ta amince.

Sai a mataki na huɗu muka zo kan gwajin ƙididdiga, kuma da gangan na bar shi a baya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon kowa da kimarsa, shi ya sa aka ƙirƙiro ma'aunin da kowa zai yi ya samu abu ɗaya. Wanda ya dace da lambobi kaɗan, daga uku zuwa goma, shi ne gwajin Q na W. J. Dixon, wanda ya fito tun farkon shekarun 1950. Ana jera lambobin daga ƙarami zuwa babba. A ɗauki tazarar da ke tsakanin wadda ake zargi da maƙwabciyarta, a raba da tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta:

```
Q = (2.26 - 1.43) / (2.26 - 1.34) = 0.90
```

Sannan a duba tablon Dixon. Ga lambobi shida, a matakin amincewa na kashi 95 cikin ɗari, iyakar ita ce 0.625. Tunda 0.90 ta wuce ta, gwajin ya ba da izinin a mai da 2.26 saniyar ware.

A kula da abin da gwajin ya faɗa da abin da bai faɗa ba. Cewa ya yi: in waɗannan shida daga tushe ɗaya suke, kuma kurakuransu na yau da kullum ne masu bazuwa daidai sama da ƙasa, da wuya ɗaya ta yi irin wannan nisa. Bai san bututu ba, bai san foraji ba. In ka ba shi lambobin foraji shida zai ba ka 0.90 ɗin nan, ya ce ka zubar da ruwan da ke cutar da yara. Ko a inda ya dace ma, kashi 95 na nufin kusan sau ɗaya cikin ashirin zai yanke wa awo mai lafiya hukunci. Yana kuma da makanta: da manyan lambobin biyu ne, 2.20 da 2.26, tazarar da ke tsakaninsu 0.06 ce kacal, Q ta faɗo ƙasa da 0.1, kowacce ta rufa wa ƴar'uwarta asiri. Kuma sau ɗaya ake yin sa. Wanda ya fidda ɗaya, ya sake gwada sauran, ya sake fiddawa, zai wayi gari da lambobi uku masu kyan gani da ba sa wakiltar komai.

Akwai wata ƙa'ida da ɗalibai ke haddacewa, cewa a fidda duk lambar da ta nisanci matsakaici da fiye da ninki uku na ma'aunin bazuwa, wanda suke kira ekartip. Ga lambobi kaɗan wannan ƙa'ida ba ta aiki sam. Babbar lambar ita da kanta take kumbura ekartip ɗin: da ita 0.36 ne, ba ita 0.03. Nisan 2.26 daga 1.53 bai wuce ninki 2.03 ba. Hasali ma a cikin lambobi shida, ko da ɗaya ta kai miliyan, nisanta ba zai wuce ninki 2.04 ba, kuma sai lambobi sun kai goma sha ɗaya kafin ninki uku ya yiwu. Wanda ya rubuta cewa ya gwada wannan ƙa'ida a kan awo shida bai samu wanda ya fita zakka ba, bai gwada komai ba.

Yanzu muna da abu uku: alamar bututu wadda ba a tabbatar ba, sabon awo uku da suka bi bayan biyar ɗin, da gwajin Dixon. A ganina sun isa a fidda 2.26 daga lissafin matsakaici. Amma kafin in sa hannu na yi mata tambayar da nake yi wa kaina kullum.

"Da a ce biyar ɗin ne suke wajen 1.6, ɗayar kuma 0.9, wadda za ta jawo matsakaici ƙasa da iyaka, za ki ja mata layi?"

Ta yi ɗan tunani ta ce, "Wallahi Malam, ina jin da na bar ta."

Na ji daɗin wannan amsa, domin gaskiya ce, kuma ba ita kaɗai ba ce. Lambar da ta ɓata mana lissafi muke tuhuma, wadda ta gyara mana kuwa ko kallo na biyu ba ma yi mata. In kowa ya yi haka, kowane rahoto zai ɗan karkata zuwa inda mai shi ke so, ba tare da an ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba. Maganin da na sani shi ne a rubuta ƙa'idar fiddawa a shafin farko na kaye kafin a kunna na'ura: wane gwaji, wane mataki, sau nawa za a sake awo. Sannan a bi ta ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba.

Saura rubutun. Fidda lamba daga matsakaici abu ne da ilimi ya yarda da shi. Fidda ta daga rahoto har mai karatu ya ɗauka awo biyar aka yi, wannan ɓoye shaida ne, ko da hukuncin fiddawar daidai ne. Wanda zai karanta, ko malamin da zai yi mata tambayoyi ranar kare aiki, ko ma'aikacin ruwa, yana da haƙƙin ya saɓa mana, kuma ba zai iya saɓa wa abin da bai gani ba. Ga abin da muka rubuta a madadin layinta na farko:

"An auna samfuri ɗaya sau shida, bisa wannan jeri: 2.26, 1.43, 1.38, 1.34, 1.40, 1.37 miligiram a lita. Ba a sa awon farko a lissafin matsakaici ba. Gwajin Q na Dixon ya ba da 0.90, sama da iyakar 0.625 ta awo shida a matakin kashi 95. An zaɓi wannan gwaji ne bayan an ga lambobin. Ana zaton bututun awo ne ya gurɓata da ruwan koya wa na'ura, amma ba a tabbatar ba. An sake auna samfurin sau uku da wankakken bututu, aka samu 1.36, 1.39 da 1.40. Matsakaicin awo takwas da aka karɓa 1.38 ne. In aka bar awon farko, matsakaicin shidan farko 1.53 ne, wanda ya haura iyakar 1.5, na duka taran kuma 1.48."

Ta so a cire jimla biyu, wadda ta ce an zaɓi gwajin daga baya da wadda ta ce ba a tabbatar ba, wai za su sa a raina aikinta. Na ƙi. "Ana zaton" da "an gano" ba ɗaya ba ne, kuma inda na fi ganin ɗalibai na zamewa ke nan: sai zato ya kwana biyu ya tashi a rahoto a matsayin "saboda gurɓatar kayan aiki", kamar an gani da ido. Na kuma hana kalmomin nan marasa ƙashi irin su "an tace bayanai" ko "an cire lambobin da ba su dace ba". Wace lamba, nawa ce, bisa wace ƙa'ida, kuma me ya canja da aka cire ta? In jimla ba ta amsa waɗannan ba, rufa-rufa ce.

A tablo ma lambar tana nan a gurbinta da ƴar alama a kanta, haka a fayil ɗin kwamfuta, an buɗe mata shafi na gefe an rubuta dalili, ba a goge layin ba. Amfanin wannan ya taɓa bayyana a babban aiki. A 1985 masu bincike na Birtaniya a tashar Halley suka ba da rahoton raguwar iskar ozon a saman Antaktika. Tauraron ɗan'adam na Amurka ya riga ya auna lambobi masu ƙanƙanta ƙwarai a wurin, amma tsarin kwamfutarsa yana sa wa duk abin da ya gaza 180 a ma'aunin Dobson, wanda ake auna yawan ozon da shi, alamar tuhuma. Da yake alama aka sa musu ba a share su ba, an koma kansu, suka tabbatar da raguwar.

Da dalili bai samu ba ko kaɗan, kuma ruwan ya ƙare ba halin sake awo, da shawarata ita ce a bar lambar a ciki, a ba da lambar tsakiya tare da matsakaici. Lambar tsakiya ita ce wadda ke tsakiyar jeri in an tsara daga ƙarami zuwa babba, kuma babbar lamba ɗaya ba ta iya jan ta: a nan 1.39 ce da awon farko, wato tsakiyar 1.38 da 1.40, 1.38 kuma ba shi. Sai a rubuta ƙarara cewa hukunci bai tsaya ba sai an ɗebo sabon samfuri.

Ko yanzu ma na sa ta sassauta jimlarta ta ƙarshe. Awo takwas na kwalba ɗaya suna gaya mana abin da ke cikin wannan kwalba ne, a ranar da aka cika ta. Tsakanin 1.38 da 1.5 tazara kaɗan ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a yi la'akari da yawan ruwan da mutane ke sha wajen tsai da iyaka. Yaron da ke Maraɗi a watan Afrilu ba ya shan ruwa irin na yaron ƙasar sanyi. Ta rubuta cewa samfurin yana ƙasa da iyaka amma kusa da ita, kuma ta ba da shawarar a sake ɗebo ruwan forajin sau biyu, ɗaya a bazara ɗaya bayan damina, kowanne a kwalba biyu, a kai ɗaya wani ɗakin gwajin dabam.